Yadda ake ƙiyasi da zane kafin a taɓa fomula a fiziks

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO da JAMB, har da wasu ’yan shekarar farko a jami’a, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: sun haddace fomuloli, amma da zarar an ɗan juya tambaya sai kai ya ɗaure, ba su san wacce za su ɗauko ba. Wani kuma zai ɗauko daidai, kalkuleta ta ba shi amsar da hankali ba zai ɗauka ba, ya rubuta ya wuce. Maganin wannan tsari ne na aiki da ake bi daki-daki: a fara zana abin da ke faruwa, a kintaci amsa da ka, sai daga baya a rubuta fomula don ta tace abin da aka riga aka hango.

Za mu bi matakan da tambaya guda ɗaya har ƙarshenta. Ga ta:

Ana son a loda akwati mai kilo 50 a bayan mota a-kori-kura. Tsayin bayan motar daga ƙasa mita 1 ne. An jingina falanki mai tsawon mita 3, ana tura akwatin a kansa a hankali, gudunsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ma’aunin gogayya tsakanin akwatin da falankin, wato μ, 0.4 ne. Wane ƙarfi ake buƙata?

Kayan aiki

Takarda wadatacciya, fensir, abin gogewa, rula, da ma’aunin kusurwa irin wanda ke cikin akwatin lissafi na ’yan makaranta. Babu abin da za ka saya wanda ɗalibin sakandare ba shi da shi. Fensir ya fi biro domin za ka goge kibiyoyi ka sake zanawa. Kalkuleta kuwa ka kife ta a gefe, ba za a buƙace ta ba sai mataki na shida. Ainihin abin da za ka kashe lokaci ne: a farkon koyo tambaya ɗaya za ta iya cin minti goma zuwa sha biyar, daga baya zane da ƙiyasin su koma abin minti ɗaya ko biyu.

1. Tanadi ma’aunai a kanka

Ba a ƙiyasi da kan da babu komai a ciki. Mai sayar da hatsi yana duban buhu ya faɗa maka kwano nawa ne a ciki saboda ya daɗe yana awo. Kai ma kana buƙatar ’yan lambobi da ka san su a jikinka, waɗanda za ka riƙa gwada kowace amsa da su.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka ledar fiya wata mai rabin lita rabin kilo ce, jarka mai lita 25 kuma kilo 25. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin kusan 10 N, don haka ledar ruwan nan 5 N ce a tafin hannunka, jarkar 250 N, buhun siminti mai kilo 50 kuma 500 N. Ka ɗauki ledar ka ji, ka ɗaga jarkar ka ji. Daga ranar, in aka ce 250 N, hannunka ya san abin da ake nufi.

Ta fannin tsawo, ƙofar ɗaki kusan mita 2 ce, hawa ɗaya na bene kusan mita 3, filin ƙwallo kusan mita 100. Ta fannin gudu, mai tafiya a ƙafa yana cin kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa, don haka mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Abin da aka saki daga sama yana faɗo mita 5 a daƙiƙar farko. Waɗannan sun isa a fara.

Gargaɗi: kilo da N ba abu ɗaya ba ne. Kilo yana faɗar yawan abin, N yana faɗar ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi. Duk inda aka ba ka kilo kuma ana maganar ƙarfi, ninka da goma tun kafin ka ci gaba. Mantuwa da wannan ita ke sa amsa ta fito ƙasa da gaskiya har sau goma.

2. Zana wurin yadda yake

Kada ka fara da kibiyoyi. Fara da hoton abin kamar kana tsaye a gefen motar: ƙasa a shimfiɗe, bayan mota, falanki a jingine, akwati a tsakiyarsa. Zanen ya yi girma, aƙalla rabin shafi. Ƙaramin zane a lungun takarda ba ya ɗaukar kibiyoyi huɗu da lambobinsu ba tare da sun cakuɗe ba.

Zana shi da awo. Ɗauki santimita 4 a matsayin mita 1. Tsayin motar zai zama santimita 4, falankin santimita 12. Ja layin tsaye na santimita 4, sa’an nan ka ɗora rula daga samansa ka karkata ta har santimita 12 ya taɓa layin ƙasa. Auna gindin, za ka samu kusan santimita 11.3, wato mita 2.8. Auna kusurwar da ke tsakanin falankin da ƙasa, za ka samu tsakanin digiri 19 da 20. Ga shi ba ka danna komai ba ka riga ka san kusurwar, kuma idonka ya ga cewa gangaren mai sauƙi ne, ya fi kusa da kwanciya a kan tsayuwa.

Rubuta kowace lamba a inda take a jikin zanen: 3 m a kan falanki, 1 m a jikin mota, 50 kg a cikin akwati. Abin da ake nema ka sa masa alamar tambaya. Ka kuma ja ƙaramar kibiya a can gefe, nesa da akwatin, mai nuna inda yake tafiya, wato sama.

Gargaɗi: in ba za ka zana da awo ba, to ko kusa kada ka zana gangare mai digiri 45. A wannan kusurwar ɓangarorin alwatika biyu daidai suke, sin da cos ma daidai suke, don haka zanen ba zai taɓa nuna maka cewa ka musanya su ba. Kullum ka kwantar da gangaren sosai ko ka miƙar da shi sosai.

3. Faɗi labarin da baki, ka kafa iyaka biyu

Kafin lissafi, faɗi abin da ke faruwa da Hausa zalla: “Akwati yana hawa. Nauyinsa yana son mayar da shi ƙasa. Falanki yana gogarsa, yana hana shi tafiya. Mai turawa dole ya rinjayi biyun.” In ba ka iya faɗar wannan ba, fomula ba za ta cece ka ba, sai ka koma ka sake karanta tambayar.

Yanzu nemi iyakokin da amsar za ta faɗa tsakaninsu, ta hanyar kai tambayar ƙarshenta biyu. A ce falankin a kwance yake a ƙasa. Babu hawa, gogayya kaɗai za a yaƙa, ita kuwa 0.4 ce ta nauyin 500 N, wato 200 N. A ce kuma falankin a tsaye yake cak. Akwatin ba ya danna shi, gogayya ta tafi, ɗagawa ce kawai ta rage, wato 500 N. Namu falankin yana tsakani, kuma ya fi kusa da kwanciya. To amsa tana sama da 200 N, kuma da wuya ta kai 500 N. Rubuta a gefen takarda: “tsammanina 300 zuwa 400 N”. Wato fiye da jarka ɗaya, ƙasa da jarka biyu.

Rubutawar tana da muhimmanci. Ƙiyasin da ya tsaya a zuci yakan narke da zarar kalkuleta ta nuna wata lamba, mutum ya ce ai dama haka na zata. Wanda aka rubuta shi ne ke tsayawa ya yi maka gardama.

4. Ware abu ɗaya, ka zana ƙarfin da ke kansa

Nan ne yawancin maki ke zubewa, don haka za mu daɗe a nan.

Yi sabon zane a ƙasan na farko. Akwatin kaɗai za ka zana, a karkace yadda yake zaune, babu mota babu mutum. Sa’an nan ka yi wa kanka tambaya biyu. Ta farko, me ke jansa daga nesa ba tare da ya taɓa shi ba? Ƙasa ce kaɗai. Ja kibiya daga tsakiyar akwatin zuwa ƙasa sak, ta nufi gindin takarda, ba ta bi karkatar falanki ba. Sunanta W, 500 N. Ta biyu, me ke taɓa shi? Zagaya jikin akwatin da bakin fensir. Abu biyu za ka tarar: falanki a ƙarƙashinsa, da hannun mai turawa a bayansa.

Hannu yana ba da kibiya ɗaya, F, mai bin falanki zuwa sama. Falanki yana ba da biyu. Ɗaya tokara ce, R, wadda ke fitowa daga fuskar falankin a miƙe, tana yin digiri 90 da shi. Ɗayar gogayya ce, f, wadda ke kwance a kan fuskar falankin. Tunda akwatin sama yake zamewa, gogayya ƙasa take kallo. Kibiya huɗu ke nan, babu ta biyar.

Ga gwajin da za ka yi wa kowace kibiya: ka iya cewa “wane ne ke tura akwati” ko “wane ne ke jan akwati”? Ƙasa na jan akwati. Falanki na tokare akwati. Falanki na gogar akwati. Hannu na tura akwati. Kibiyar da ka kasa faɗar mai ita, goge ta.

Gargaɗi na farko: kada ka ƙara kibiya don kawai abu yana tafiya. Ɗalibai da yawa sukan zana “ƙarfin tafiya” a gaban abin da ke motsi. Babu shi. Dutsen da ka jefa sama, da zarar ya bar hannunka, nauyinsa ne kaɗai ke kansa in an ƙyale iska, ko da yana kan hawa.

Gargaɗi na biyu: ƙarfin da akwati ke danna falanki da shi ba ya cikin wannan zanen. A kan falanki yake aiki, mu kuwa akwati muka ware. Wanda ya zana shi tare da R zai ga kamar sun kashe juna, daga nan lissafi ya rikice.

Gargaɗi na uku: R ba 500 N ba ce. Ta kan yi daidai da nauyi ne kawai a shimfiɗaɗɗen wuri, inda babu wani abin da ke danna kayan ko ɗaga su. A kan gangare, in turin yana bin falanki kamar namu, ƙasa take da nauyin, kuma za mu auna ta yanzu.

5. Raba nauyin da rula, ka yi ƙiyasi

Kibiyoyi uku, F da f da R, suna bin falanki ko suna tsaye a kansa. W ce kaɗai ta saɓa. Saboda haka ita za a raba gida biyu: rabon da ke bin falanki zuwa ƙasa, da rabon da ke danna falanki.

Ɗauki santimita 1 a matsayin 100 N. Ja W da tsawon santimita 5. Daga tsakiyar akwatin ja layi mai ɗigo-ɗigo da ya ratsa falankin a miƙe zuwa cikinsa. Daga bakin kibiyar W kuma ja wani layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da falankin har ya haɗu da na farko. Ka samu ƙaramar alwatika wadda W ce doguwar gefenta. Auna sauran biyun. Mai bin falanki zai ba ka kusan santimita 1.7, mai danna falanki kusan 4.7. Wato 170 N da 470 N.

Duba da kyau za ka ga ƙaramar alwatikar nan siffarta ɗaya da babbar da falanki da mota da ƙasa suka yi. Wannan ne ke ba da hanyar yi da ka. Falanki yana hawa mita 1 a cikin mita 3, kashi ɗaya cikin uku, don haka kashi ɗaya cikin uku na nauyin ne ke jan akwatin baya: 500 a raba uku, kusan 170. Gindin kuma 2.8 ne cikin 3, don haka wannan kason na nauyin ne ke danna falanki, kusan 470. Wanda ya gane wannan ba zai sake tsayawa yana tunanin ko sin ce ko cos ba, domin zanen ya nuna masa wanne ne gajere wanne ne dogo.

Gargaɗi: 170 da 470 in an haɗa sun ba da 640, sun wuce 500, kuma ba kuskure ba ne. Ɓangarorin alwatika ne, ba a tara su kai tsaye. Amma kowane ɗayansu shi kaɗai dole ya gaza 500. In rabo ɗaya ya fi uwarsa, an yi kuskure. Kuma da zarar ka raba W, ka soke ta da ɗan layi, don kada ka ƙirga ta sau biyu.

Sauran ƙiyasin da ka ake yi. Akwatin ba ya nutsewa cikin falanki kuma ba ya tashi daga kansa, don haka R daidai take da rabon da ke dannawa, 470 N. Gogayya 0.4 ce ta wannan, kusan 190 N. Gudun akwatin ba ya canzawa, don haka abin da ke tura shi sama daidai yake da abin da ke jansa ƙasa: 170 da 190, wato kusan 360 N. Ya faɗa cikin 300 zuwa 400 da muka rubuta.

Lura da abin da ƙiyasin ya tona: gogayya ta fi rabon nauyin yawa. Fiye da rabin wahalar mai turawa ba ta hawa ba ce, ta gogar katako ce. Wannan fahimtar ita ake nema, kuma wanda ya zuba lambobi cikin fomula ya samu amsa a dunƙule ba zai gan ta ba.

6. Yanzu rubuta fomula

Fomular ba wani sabon abu za ta kawo ba, abin da ka zana ne za ta faɗa da haruffa, θ kuma ita ce kusurwar da ka auna tsakanin falanki da ƙasa:

R = W cos θ
f = μR
F = W sin θ + μW cos θ

Bar ta da haruffa tukuna, ka gwada ta da iyakokin mataki na uku. In θ sifili ce, sin sifili ce, cos ɗaya ce, F ta zama μW, wato 200 N. Daidai. In θ digiri 90 ce, F ta zama W, 500 N. Daidai. Da ka musanya sin da cos, falanki a kwance zai ba ka 500 N, wato jan akwati a ƙasa ya yi daidai da ɗaga shi sama, abin da kowane ɗan dako ya san ba haka ba ne. Gwajin nan daƙiƙa goma yake ci.

Sai ka ɗauko kalkuleta. sin θ ɗaya bisa uku ce, 0.333, cos θ kuma 0.943. Rabon nauyi 167 N, R 471 N, gogayya 189 N, jimla kusan 355 N. Ƙiyasinmu 360 ne. In tambayar ta ce a ɗauki g, wato jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo, a 9.8, amsar za ta koma 348 N, bambancin kashi biyu cikin ɗari. Tambayoyin WAEC galibi sukan ce a ɗauki g a 10, amma ka duba abin da aka rubuta a tambayar da ke gabanka.

Gargaɗi: duba saman fuskar kalkuleta ka tabbata tana kan DEG ko D, ba RAD ko R ba. In tana kan RAD ka danna sin 19.5, za ta ba ka kusan 0.61 a maimakon 0.33. Rabon nauyin zai fito kusan 300 N, jimlar ta haura 460 N. Lambar ba ta yi kama da shirme ba, shi ya sa take da haɗari. Wanda ya auna santimita 1.7 a zanensa ne kaɗai zai ce a’a nan take. Hanyar gwaji mai sauri ita ce ka danna sin 30, in ba ta ba ka 0.5 ba, gyara ta.

In amsar fomula da ƙiyasi sun saɓa

Bambancin kashi goma cikin ɗari ba komai ba ne, daga dunƙule lambobi yake zuwa. In ya kai ninki biyu, ɗayansu ba daidai ba ne, kuma ba lallai ƙiyasin ne mai laifi ba. Girman saɓanin kan nuna inda ɓarnar take. Ninki goma, an manta g. Ninki ɗari ko dubu, an bar santimita ko giram ba a mayar da su mita da kilo ba. Ninki 3.6, kilomita a awa ce ba a juya ba. Kada ka goge ɗaya don ya bi ɗaya sai ka gano dalilin.

7. Juya tambayar ka sake zanawa

Nan ne ido ke buɗewa. Bayan ka samu amsa, canza abu ɗaya, ka kintata kafin ka lissafa.

A ce mai turawa ya gaji ya saki akwatin a tsakiyar falanki. Zai gangaro? Goge F. Yanzu akwatin ƙasa yake son zamewa, don haka kibiyar gogayya ta juya ta kalli sama. Abin da ke jansa ƙasa 167 N ne, gogayya kuwa tana iya kaiwa 189 N. Ba zai motsa ba. Kuma gogayyar da ke aiki a lokacin 167 N ce, ba 189 ba, domin a kan abin da ke tsaye gogayya tana ba da gwargwadon abin da ake buƙata ne, μR iyakarta ce kawai. Wanda ya tafi kai tsaye ga fomula zai cire 189 daga 167, ya raba da 50, ya samu ƙaruwar gudu ta −0.44, wato wai akwatin zai hau sama da kansa. Mai zane ba zai rubuta wannan ba.

A zahiri gogayyar abin da ke tsaye takan ɗan fi ta abin da ke zamewa, shi ya sa turin farko ya fi wuya. Mun yi amfani da 0.4 a duka biyun ne don sauƙi. Kana iya auna ta tsaye a gida: ɗora bulo ko littafi a kan katako, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya fara zamewa, sai ka raba tsayin da gindin. Abin da ya fito shi ne μ. A tambayarmu tsayi bisa gindi 1 bisa 2.8 ne, kusan 0.35, bai kai 0.4 ba, shi ya sa akwatin ya tsaya.

A ce kuma an kawo falanki mai mita 6. Da yawa za su ce ƙarfin zai ragu da rabi. Zana ka gani. Rabon nauyi ya koma ɗaya cikin shida, 83 N, ya ragu da rabi da gaske. Amma falankin ya ƙara kwanciya, akwatin ya ƙara danna shi, gogayya ta hau zuwa 197 N. Jimla 280 N. Komai tsawon falankin da za a kawo, ba za a sauka ƙasa da 200 N ba. Mai son sauƙi na gaske gogayya zai rage, ya sa ƙarafan famfo a ƙarƙashin akwatin su riƙa mirginawa, ko ya ɗora shi a kan abin da ke da taya.

Yadda ake turin ma yana da tasiri. In mutum ya tura a miƙe, hannunsa na tafiya daidai da shimfiɗar ƙasa maimakon ya bi falanki, wani rabo na ƙarfinsa yana ƙara danna akwatin a kan katako. R ta ƙaru, gogayya ta ƙaru, abin da ake buƙata ya haura zuwa kusan 440 N. Kibiyar F ce kawai ta karkata da digiri 19 da rabi, amma wahala ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

8. Bincika ta wata hanyar daban

Amsar da hanya biyu suka yarda da ita ta fi ƙarfi. A nan hanya ta biyu ita ce aiki. Ɗaga 500 N zuwa mita 1 aikin 500 J ne, ko ta ina aka bi. Mai turawa ya yi 355 sau 3, wato 1065 J. Ragowar 565 J gogayya ce ta cinye ta mayar zafi, kuma 189 sau 3 yana ba da 567, sun haɗu. Falankin bai rage aiki ba, ya ma ninka shi, ƙarfin da ake buƙata a lokaci guda ne ya rage. In akwatin yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, hawan zai ci daƙiƙa 6, mutumin yana fitar da kusan wat 180, wato 180 W. Mai kilo 60 da ya hau bene hawa ɗaya a daƙiƙa 6 yana fitar da 300 W, don haka 180 W abu ne da ƙato ɗaya zai iya na ɗan lokaci. Da lissafi ya ba da 5,000 W, da mun san akwai matsala.

In tambayar ta motsi ce, zanen da ake ƙarawa shi ne na gudu da lokaci. A ce falankin mai santsi ne, μ ta koma 0.1, aka saki akwatin daga sama. Kafa iyaka tukuna: abin da ya faɗo daga mita 1 babu gogayya yana isa ƙasa da gudun kusan mita 4.5 a daƙiƙa, don haka namu ba zai kai haka ba. Abin da ke jansa 167 ne, a cire gogayya 47, saura 120 N, a raba da kilo 50, gudu na ƙaruwa da 2.4 a kowace daƙiƙa. Zana layi miƙaƙƙe da ya tashi daga sifili, lokaci a kwance, gudu a tsaye. Filin alwatikar da ke ƙarƙashin layin shi ne nisan da aka ci, kuma dole ya zama mita 3. Gwada daƙiƙa 1: gudu 2.4, fili 1.2, bai isa ba. Daƙiƙa 2: gudu 4.8, fili 4.8, ya wuce. Daƙiƙa 1.6: gudu 3.8, fili kusan 3. To lokacin kusan daƙiƙa 1.6 ne, gudun isowa 3.8, ƙasa da 4.5 kamar yadda aka zata.

A ɗakin jarrabawa

JAMB tana ba da tambaya 180 a awa biyu, 40 daga cikinsu na fiziks ne ga mai rubuta shi, wato kusan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Babu lokacin rula da ma’aunin kusurwa. Abin da ke aiki a can shi ne zanen hannu na daƙiƙa goma da iyaka biyu. In zaɓuɓɓukan tambayarmu su ne 35 N, 167 N, 355 N da 538 N, na farko an manta g, na biyu an manta gogayya kuma bai kai 200 ba, na ƙarshe an musanya sin da cos. Saura ɗaya. A takardar WAEC da NECO ta rubutu kuwa, zana kibiyoyin da sunayensu a cikin takardar amsa, kada ka bar su a takardar gwaji, domin mai dubawa yana bin matakan aikinka ne, kuma zanen yana nuna masa daga ina fomular ta fito.

Hanyar tana da iyaka. Ƙiyasi ba zai raba maka 348 da 355 ba, wannan aikin kalkuleta ne. Ma’aunan da ka tara a mataki na ɗaya kuma na abubuwan da hannu ke taɓawa ne, don haka in ka shiga babin lantarki ko haske ko zafi sai ka tara sababbi, kamar wutar gida mai 230 V, da 4,200 J da ake buƙata don ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Zanen ma yakan canza, ya koma na wayoyi ko na layukan haske, amma jerin matakan yana nan yadda yake.

Don atisaye, ɗauki tsofaffin tambayoyi biyar a rana daga babi ɗaya. Raba shafi gida biyu, zane da ƙiyasi a hagu, fomula da amsa a dama, kuma kada ka taɓa dama sai hagu ta cika. A ƙasan kowace tambaya rubuta ninki nawa ƙiyasinka ya kauce, da dalilin kaucewar a jimla ɗaya. Bayan mako biyu ka karanta dalilan a jere. Wanda ya fi maimaituwa, ko alƙiblar gogayya ce, ko R, ko juya awo, shi za ka ware wa tambayoyin mako na uku.